Martani: Sauya Lokaci a Wasiƙar Neman Aiki Ba Sakaci Ba Ne

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya a kan kurakuran da matasanmu ke tafkawa a wasiƙar neman aiki. Malam ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa da alheri. Na yarda da shi a kan mai rubuta sunan wani kamfani a wasiƙar da zai kai wa wani, da mai kwafo wasiƙar abokinsa bai ko sauya muƙamin da ake nema ba, da mai cika shafi biyu da roƙo da kirari. Amma akwai wuri guda da na ga lallai sai an yi gyara, domin shawarar da ya bayar a wurin za ta iya jawo wa mai neman aiki asarar da ta fi wadda ake gudar masa. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Abin da Malam ya tsaya a kai shi ne, wai duk wanda ya fara wasiƙarsa da lokaci guda na aikatau, to ya riƙe shi har ƙarshe. In ya fara da shuɗaɗɗen lokaci, kada ya koma lokaci mai ci. In ya fara da mai ci, kada ya waiwaya baya. A ganinsa, da zarar mai tantance takardu ya ga an sauya lokaci, zai ɗauka marubucin bai sake duba abin da ya rubuta ba, kuma wanda bai duba wasiƙarsa ba, ba zai duba aikin da aka damƙa masa ba. Ni kuwa ina cewa wasiƙar neman aiki ba ta rubutuwa da lokaci guda sai an yi wa gaskiya rauni. Abin da ke nuna sakaci shi ne aikatau ya sauya alhali zamanin da ake magana a kai bai sauya ba. Waɗannan abubuwa biyu ne daban, kuma Malam ya zuba su a tukunya ɗaya.

Wasiƙa guda, zamani uku

Mai ɗaukar ma'aikata yana neman amsar tambayoyi uku ne a wasiƙar: me ka yi a baya, ina kake yanzu, me za ka yi mana. Kowace tambaya da zamaninta. Domin kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki.

A ce wata matashiya ce ta gama babbar difloma a 2021. Ta yi bautar ƙasa daga 2022 zuwa 2023 a ɗakin ajiyar magunguna na wani asibiti. Tun daga 2023 take kula da sito a wani kantin kayan gini. Ga shi wani kamfanin sarrafa shinkafa ya yi tallar gurbin mai kula da sito, ya ce yana son wanda ya gama bautar ƙasa kuma ya yi aƙalla shekara biyu a irin wannan aiki. Da Turanci za ta rubuta, kamar yadda aka saba a Nijeriya, amma ga gundarin abin da za ta faɗa:

"Ina neman gurbin mai kula da sito da kuka yi talla. A lokacin bautar ƙasa, daga 2022 zuwa 2023, na kula da ɗakin ajiyar magunguna na wani asibiti, inda na jera magunguna bisa ranar da za su lalace, na kuma rage yawan waɗanda ake zubarwa. Tun 2023 nake aiki a wani kantin kayan gini. Ni ke karɓar kaya daga mota, in ƙirga, in shigar a littafi, kuma duk ƙarshen wata nakan daidaita abin da ke rubuce da abin da ke ƙasa. A watan jiya na rubuta jarrabawar ƙwarewa a fannin saye da adana kaya, yanzu ina jiran sakamako. Idan kuka ɗauke ni, zan iya farawa bayan wata guda, domin sai na sanar da inda nake aiki."

A wannan ɗan sakin layi lokaci ya sauya sau shida. Ta fara da yanzu, ta koma baya, ta zo kan abin da ya faro a baya yana kuma ci gaba, ta shiga aikinta na kullum, ta sake waiwayawa watan jiya, ta dawo kan jiran da take yi, sannan ta leƙa gaba. A ƙa'idar Malam, kuskure shida ke nan. Amma ina roƙonsa ya sake karantawa ya nuna mini inda ya rikice. Babu. Kowane sauyi yana da abin da ya yi masa sallama: ga shekaru, ga "tun", ga "duk ƙarshen wata", ga "a watan jiya", ga "yanzu", ga "idan". Mai karatu ya san inda yake tsaye a kowace jimla, kuma ya gama ya san tarihin aikin wannan yarinya ba tare da ya buɗe wata takarda ba.

Abin da zai faru in an bi shawarar Malam

To, mu gwada ƙa'idar a kan wannan wasiƙa. A ce ta zaɓi shuɗaɗɗen lokaci ta riƙe. Da ta zo kan kantin kayan gini sai ta rubuta `I worked`, ta ce ta karɓi kaya, ta ƙirga, ta shigar. A Turanci, wannan siga tana nufin abin ya wuce, an rufe babinsa. Mai tantancewa zai fahimci ta bar kantin. Nan take tambayoyi za su taso masa: yaushe ta bari, me ya sa, korar ta aka yi ko kuwa? Sai kuma ya iso ƙarshen wasiƙar ya ga tana cewa sai ta sanar da inda take aiki kafin ta fara. Ashe ba ta bari ba? Ga wasiƙa ta yi karo da kanta, ba don komai ba sai don an hana ta sauya lokaci.

A ce kuma ta zaɓi lokaci mai ci. Sai ta rubuta `I manage` a kan ɗakin magungunan asibitin da ta bari tun 2023. Yanzu mai karatu zai ɗauka ko dai tana riƙe da aiki biyu ne a lokaci guda, ko kuma har yanzu ba ta gama bautar ƙasa ba. Wannan na biyun ba ƙaramin lamari ba ne. Dokar shirin bautar ƙasa, wanda aka kafa a 1973, ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata nauyin neman takardar sallama ko ta ɗauke nauyi daga waɗanda shirin ya shafa. Kamfanin ya riga ya sa wannan a cikin sharuɗɗansa. Wanda ke da tarin takardu a gabansa, yana neman dalilin rage su, ba zai ɗauki waya ya kira ta don jin ƙarin bayani ba. Gefe zai ajiye takardar. In ma ta tsallake aka kira asibitin don jin shaida, za a ce ai ta daɗe da tafiya. Daga nan an wuce zancen sakaci, an shiga zargin ƙarya.

Haka batun jarrabawa. Rubuta ta ya wuce, sakamako bai fito ba. Gaskiyar lamarin tana bukatar lokaci biyu a jimla guda. In ta matse su a ɗaya, ko dai ta nuna kamar ta ci ta karɓi shaida, ko kuma kamar ba ta ma zauna ba. Masu rubuta takardar bayanin karatu da aiki a ƙasar nan sun san wannan bambanci, shi ya sa suke sa `in view` a gaban shaidar da ba ta zo hannu ba.

A Turanci, wani lokacin kalma guda ce ke ɗauke da duk wannan nauyi. `I worked there for two years` na nufin ta yi shekara biyu a can, ta bari. `I have worked there for two years` kuwa galibi ana fahimtarsa da cewa shekararta biyu ke nan a wurin, tana nan har yanzu. Wanda aka tsoratar da cewa duk sauyi laifi ne, zai goge wannan `have` ɗin don jimlar ta yi kama da ta gabanta, ya sallami kansa daga aikin da yake kai bai sani ba. Aikin mai kula da sito ma kansa ya isa hujja: da zai rubuta kayan da suka shigo bara, da waɗanda ke ƙasa yau, da waɗanda ake jira mako mai zuwa duk a ƙarƙashin kwanan wata guda don littafi ya yi kyan gani, shi ne za a kira marar kula.

Inda Malam yake da gaskiya

Ban ce babu sauyin da ke zubar da mutuncin wasiƙa ba. Akwai, kuma na tabbata shi Malam ya gani har ya ɗauki alƙalami. Duk wanda ya taɓa zama yana duba takardun masu neman aiki ya ci karo da shi. Iri uku ne suka fi yawa a rubutun 'yan'uwanmu, kuma kowanne da musabbabinsa.

Na farko shi ne a tsakiyar labarin abu guda aikatau ya zame. Yarinyar nan tana bayanin zamanta a asibiti, sai ta rubuta `arranged` a farkon jimla, a ƙarshenta kuma `reduce`. Shekara ɗaya, wuri ɗaya, aiki ɗaya, amma aikatau ɗaya yana baya, ɗaya yana yau. Wannan kuskure ne, babu ja. Sai dai yana da kyau a san daga inda yake fitowa. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere. Kalma kamar `worked` kuwa a bakin Bature da sautin "k" da "t" a haɗe take ƙarewa. Da yawa daga cikinmu in muna magana sai mu yar da sautin ƙarshen, har kunne ya daina jin bambanci tsakanin `work` da `worked`. Abin da baki ya yar, hannu ma sai ya yar. Kwamfuta kuma ba lallai ta ja jan layi a ƙarƙashi ba, tunda kalmar da aka rubuta kalma ce ta gaske, ba a dai wurinta take ba.

Na biyu shi ne haɗa `have worked` da shekarar da ta riga ta wuce, kamar a ce `I have worked there in 2022`. Turanci ba ya yarda da wannan: in an ambaci lokacin da ya rufe, sai `worked` kaɗai. Mu kuwa "na yi aiki" guda ɗaya ce take ɗaukar mana duka biyun, da "na yi aiki a can a 2022" da "na yi aiki a wurare uku zuwa yanzu". Na uku kishiyar wannan ne: `I am working here since 2023`. Bahaushe ya ɗauko "ina aiki a nan tun 2023" ne ya sa mata rigar Turanci, alhali can sai an ce `have been working` ko `have worked`. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci suna faɗawa ramukan nan biyu ta wata ƙofa idan suka zo rubuta wa ƙungiyoyin da ke aiki da Turanci, domin Faransanci yana amfani da lokaci mai ci tare da `depuis`, yana kuma yarda a ce `j'ai travaillé` a haɗa da shekarar da ta wuce.

Tushen duka shi ne Hausa da Turanci ba hanya ɗaya suke bi wajen nuna lokaci ba. Hausa ta fi kula da halin da aiki yake ciki: ya kammala, yana gudana, an saba yin sa, ko za a yi shi. Zamanin kuwa sau da yawa kalmomi irin su jiya, bara, yanzu da baɗi ne ke ɗauke da shi. Shi ya sa muke cewa "bara war haka ina Zariya ina karatu" ba wanda zai ɗaga gira, alhali "ina" ɗin nan ita ce dai ta "yanzu ina cin abinci". Muna kuma cewa "kafin ka iso gobe na gama", ga "na gama" tana maganar gobe. Bahaushe yana kafa zamani sau ɗaya a farkon magana, ya ci gaba da tafiyarsa. Turanci kuwa so yake kusan kowane babban aikatau ya sake nuna zamaninsa a jikinsa.

To, a lura da kyau: a cikin kurakuran nan uku, na farko ne kaɗai za a iya kira sauyin lokaci, shi ma sauyi ne marar dalili. Na biyu da na uku zaɓen sigar da ba ta dace ba ne. Na ukun ma, abin mamaki, rashin sauyawa ne ya haife shi: marubucin ya manne wa lokaci mai ci a wurin da ya kamata ya bar shi. Shawarar Malam ba za ta warkar da shi ba, ƙara masa ƙarfi za ta yi.

Daga ina wannan ƙa'ida ta fito?

Ina kyautata zaton Malam ya gaji wannan magana ne daga aji, kamar yadda da yawanmu muka gada. Malamin Turanci da ke shirya ɗalibai don jarrabawar kammala sakandare yana yawan cewa a riƙe lokaci guda, kuma yana da dalilinsa. Yawanci insha'in ba da labari yake koyarwa, irin su ranar da ba zan manta ba ko tafiyar da na yi lokacin hutu. Labarin duk a zamani guda ya faru, don haka duk aikatau ɗin da ya zame kuskure ne da za a cire wa maki. Ƙa'idar tana da amfani a wannan fage.

Littattafan koyar da rubutu ma da ake jingina musu ita, ba haka suka sake ta ba. Sanannen ɗan littafin nan na William Strunk da ya fito a 1918, wanda E. B. White ya sake wa fasali a 1959, yana da shawara a kan riƙe lokaci guda, amma a kan taƙaita labari ko wasan kwaikwayo ya yi ta, inda marubuci ke ba da abin da ya faru a zamani ɗaya. Wasiƙar neman aiki ba taƙaita labari ba ce. Bayani ne na mutum mai rai wanda yake da baya, yake da yau, yake kuma neman gobe. Cire ƙa'ida daga inda aka gina ta a kai ta inda ba ta da gurbi, shi ne kuskuren da aka yi a nan.

Akwai ma wuraren da nahawun Turanci da kansa yake tilasta sauyi a cikin jimla guda. Idan yarinyar nan za ta ce in an ɗauke ta za ta fara bayan wata guda, ɓangaren sharaɗin da lokaci mai ci zai zo, ɓangaren sakamakon kuma da `will` ko `can`. Hausa ma haka take yi da nata salon: "idan kuka ɗauke ni, zan fara." Ga "kuka" mai kama da abin da ya wuce, ga "zan" mai duban gaba, a jimla ɗaya, kuma babu Bahaushen da zai ce an yi sakaci.

Wurin da ya fi ruɗa mutane

Akwai wuri guda da na ga ko waɗanda suka iya rubutu suna tsayawa suna shakka, wato sakin layin da ke bayanin aikin da mutum yake kai yanzu. An koya musu cewa tsohon aiki da shuɗaɗɗen lokaci, aikin yanzu da lokaci mai ci. Wannan ya fi ƙa'idar Malam kusa da daidai, amma shi ma bai cika ba.

Mu koma kan mai kula da siton nan. A ce a watan Maris na 2024 ta gano ana samun giɓi tsakanin buhunan siminti da ke littafi da waɗanda ke ƙasa, ta bi diddigi ta ga direbobi na sauke kaya da yamma bayan an rufe littafi, sai ta kawo tsarin sa hannu a takardar karɓa kafin mota ta bar ƙofa. Wannan shi ne abu mafi daraja a duk wasiƙarta, domin shi ne ke nuna tana da ido. A inda take aiki yanzu ya faru, amma ya faru ya ƙare. Dole ta faɗe shi da shuɗaɗɗen lokaci, a tsakiyar sakin layin da sauransa ke lokaci mai ci. In ta mayar da shi lokaci mai ci don gudun sauyi, sai ya zama kamar kullum gano giɓi take yi, kullum kawo sabon tsari take yi, nasarar ta narke ta koma cikin jerin ayyukan yau da kullum. Abin da kawai ake bukata shi ne ta sa "a watan Maris na 2024" a farkon jimlar, in ta gama kuma ta dawo da "tun daga nan" ko "yanzu". Ayyukan da ake maimaitawa su ne na lokaci mai ci. Abin da aka cim ma sau ɗaya na shuɗaɗɗen lokaci ne, ko da a kan kujerar da ake zaune yau aka cim masa.

Yadda za a gane sauyin kirki da na banza

Maimakon a ce wa matashi kada ya sauya, ga abin da ya kamata a koya masa, kuma ba ya cin minti goma. Ya buga wasiƙar a takarda, ya ɗauki biro ya ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau. A kan kowanne ya tambayi kansa: yaushe? Amsa huɗu ce kawai za ta fito: ya wuce ya ƙare, ya faro a baya yana ci gaba, yanzu ne, ko nan gaba. Ya rubuta amsar a gefen layi, sannan ya duba ko sigar da ya yi amfani da ita ta dace da amsar. Duk inda amsar ta sauya, aikatau ya sauya, kuma a samu wata kalma ko shekara da ta sanar da mai karatu. Duk inda amsar ba ta sauya ba, aikatau ya tsaya inda yake. Iyakar ƙa'idar ke nan.

Bayan haka ya ajiye wasiƙar kusa da takardar bayanin karatu da aikinsa ya gwada su. Duk aikin da ke da shekarar farawa da ta gamawa a can, dole ya zo da shuɗaɗɗen lokaci a nan. Wanda aka rubuta har zuwa yau a gabansa, kada a ba da labarinsa kamar an bar shi. Mai tantancewa takardun biyu yake riƙewa tare, kuma saɓaninsu ya fi komai saurin tsone masa ido.

Ga wanda Hausa ce harshensa na farko, ina ƙara shawara guda. Ana yawan cewa a karanta wasiƙa da ƙarfi don a ji kuskure. Wannan na kama jimlar da ta yi tsawo ko ta karye, amma ba zai kama `-ed` ɗin da ya faɗi ba, tunda bakin da ya saba yar da shi ne zai yi karatun. Da ido za a neme shi, a fara daga jimlar ƙarshe a yi sama, domin kada ma'anar labarin ta ɗauke hankali daga ƙarshen kalmomi. Yana kuma taimakawa a ba kowane zamani nasa sakin layi: ɗaya na abin da aka yi a baya, ɗaya na inda ake yanzu, ɗaya na abin da za a kawo wa kamfani. Da haka yawancin sauye-sauyen za su faɗo a kan iyakar sakin layi, inda mai karatu ke sa ran su.

Ga masu tantance takardu

Sauran magana ta masu zama a ɗaya gefen teburi ce, domin maƙalar Malam su ma za su karanta ta, kuma ina tsoron wani ya ɗauke ta a matsayin lasisin watsar da takardu. Malam ya ɗauka cewa kuskuren lokaci shaida ce ta halin mutum. Ban yarda ba. Sakaci shi ne ka san daidai ka ƙi dubawa. Wanda ya rubuta `I am working here since 2023` zai iya duba wasiƙarsa sau goma bai ga komai ba, domin a kunnensa daidai take. Wannan giɓi ne a iliminsa na Turanci, kuma ana cike shi da darasi guda. Wanda ya bar sunan wani kamfani a saman wasiƙa kuwa, ya san sunan da ya kamata, dubawa ce bai yi ba. Shi ne mai sakaci.

Nauyin kuskuren ma ya danganta da aikin da ake nema. Mai neman zama edita, ko sakatare mai rubuta wasiƙun ofis, ko malamin Turanci, in ya kasa riƙe lokaci a cikin labari guda, to ya nuna rauni a ainihin sana'ar da yake nema, kuma daidai ne a yi masa hisabi a kai. Mai neman kula da sito, ko gyaran injin, ko awon jini, a duba lissafinsa da amanarsa da abin da ya iya. Wannan ba uzuri ba ne ga mai nema: shi dai ya gyara wasiƙarsa iyakar iyawarsa, tunda bai san hannun wa za ta faɗa ba. Amma mai tantancewa ya san abin da yake aunawa.

Saboda haka ina kira ga Malam, cikin girmamawa, ya sake duba wannan ɓangare na maƙalarsa ya gyara wa masu karatunsa, domin akwai matasan da za su ɗauki maganarsa su je su lalata wasiƙun da suke daidai. Kai kuma mai neman aiki, kada ka ji tsoron sauya lokaci. Abin da ya wuce ka faɗe shi a matsayin ya wuce, abin da kake kai ka nuna kana kai, abin da za ka yi ka ce za ka yi, kuma a kowane sauyi ka sa shekara ko kalmar da za ta sanar da mai karatu. Wasiƙar da ta yi haka ita ce ta mai kula. Allah ya ba kowa sa'a.